Ɗage ranar ganin likita a asibitin ƙasar waje: me kuka rubuta wa mai karɓar baƙi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da ganin likitan zuciya a wani asibiti a ƙasar waje ranar Talata 4 ga Maris da ƙarfe goma da rabi na safe, sai dai bizarta ba ta fito ba har yanzu, kuma ko da ta fito cikin makon nan ba na jin za mu isa kafin ranar. Mun jira kusan wata biyu kafin mu samu wannan gurbi, shi ya sa nake fargabar taɓa shi. Turancina na karatu ne, ba na kai-komo da ma'aikatan asibiti ba. Ga abin da na shirya, amma ban aika ba tukuna:

```
I cannot come on 04/03. Please cancel and give me another day.
```

Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin irin wannan su faɗa mini abin da suka rubuta da abin da ya biyo baya.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Don Allah kada ki aika shi a haka, domin kusan wannan jimlar na rubuta lokacin da nake neman ɗage ranar duba idona, kuma na ɗanɗana kuɗata. Matar da ke kan teburin ta karanta `cancel`, ta aiwatar da shi nan take, ta maido mini da amsa cikin ladabi cewa an soke, in kuma ina son wata rana in sake nema. Da na sake nema sai aka mayar da ni ƙarshen layi kamar wanda bai taɓa zuwa ba, na ƙara jiran mako tara. Na ji haushinta a lokacin, amma daga baya na gane ba ta yi laifi ba: abu biyu na umarce ta da su, ta yi na farkon da yake hannunta, na biyun kuwa ya dogara da ko akwai gurbi, kuma babu.

Malama Hadiza:
Na yi shekaru ina aikin teburin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a ƙasar da ake aiki da Turanci, saboda haka bari in faɗa miki yadda saƙonki yake a idon wadda za ta buɗe shi. Tana da saƙonni da yawa a gabanta, waya tana ƙara, ga mutum tsaye yana jiranta. Abin da za ta fara yi shi ne ta nemo majiyyacin a kwamfuta, kuma saƙonki bai ba ta abin nema ba ko ɗaya. Kin rubuta `I`, alhali ba ke ce majiyyaciyar ba. Idan ta bincika da sunan da ke kan imel ɗinki ba za ta ga kowa ba, sai ta ajiye saƙon gefe da niyyar ta dawo kansa, kuma irin wannan ajiya ce take cin kwana uku. Ki rubuta sunan Hajiya daidai da yadda yake a takardar da suka aiko muku, harafi da harafi, ko da a gida ba haka kuke rubuta shi ba, domin sunan da aka rubuta da `Mu` a farko da wanda aka rubuta da `Mo` mutum biyu ne a wurin na'ura. Ki haɗa da ranar haihuwarta da lambar majiyyaci idan takardar tana ɗauke da ita. Ranar haihuwa ita ce abin da muke rarrabe masu suna ɗaya da shi.

Kalmar da kike buƙata ita ce `reschedule`, wato a matsar da ganin zuwa wata rana ba tare da an fitar da mutum daga lissafi ba. Sannan akwai jimla guda da nake ganin ta fi duk sauran muhimmanci, wadda mutane ƙalilan ne suke sakawa, ita ce roƙon kada a saki tsohon gurbin sai an tabbatar da sabon. Da ni ce, haka zan rubuta:

```
I am writing on behalf of my mother.
Name: ...  Date of birth: ...  Patient number: ...
She has an appointment on Tuesday 4 March at 10:30 am.
Could we please reschedule it to any day from 17 March onwards?
Please keep the current slot until a new date is confirmed.
```

Ki lura ban ce a ba ki wata rana kawai ba, na faɗi daga yaushe za ku iya zuwa. Idan kin bar zaɓin a buɗe za ta ba ki gurbin farko da ta gani, wataƙila 6 ga wata, wanda shi ma ba za ku samu ba, sai ku sake rubutawa, kuma ɗagewa ta biyu ba ta samun tarba irin ta farko.

Alhaji Ɗanjuma:
Ni a ganina wannan saƙo ya bushe da yawa. Neman alfarma ake yi, ba umarni ake bayarwa ba. Lokacin da na ɗage nawa na fara da gaisuwa mai kyau, na yi bayanin ciwon tun daga farkonsa, na haɗa da hotunan sakamakon gwaje-gwajena domin su ga ba da wasa nake ba, kuma sun ba ni rana mai kyau. Amma gaskiyar magana ita ce waya ta fi rubutu. Ki buga musu kawai, cikin minti biyar an gama.

Malama Hadiza:
Alhaji, a kan waya kana da gaskiya idan ranar ta ƙarato. Asibitoci da yawa suna neman a sanar da su kafin awa 24 ko 48, kuma imel ɗin da aka aika da yammacin ranar ƙarshe ta mako yana iya kwana biyu ba a buɗe shi ba. Ƙarshen makon ma ba ɗaya ba ne ko'ina: a Masar da Saudiyya Juma'a da Asabar ne, a yawancin Turai Asabar da Lahadi. Amma Maman Ilham tana da sauran kwanaki, kuma ga wanda kunnensa bai saba da lafazinsu ba, `fifteen` da `fifty` a waya kusan sauti ɗaya ne, rubutu kuwa yana barin shaida. Batun tarihin ciwo ne ban yarda da shi ba. Mai karɓar baƙi ba likita ba ce, ba ta da hurumin auna tsananin ciwo, kuma akwatin saƙon teburin sau da yawa mutane da dama ne suke buɗe shi. Gaisuwar layi ɗaya da godiya a ƙarshe sun wadatar, `Could we please` ɗin nan kuwa shi ne ladabin a wurinsu. Dalili ma ba dole ba ne, ko da yake rabin jimla cewa biza ce ta yi jinkiri ba zai cutar ba.

Ummu Sadiq:
Ni ma sun taɓa canza mini likita ba tare da sun tambaye ni ba, na je na tarar da namiji alhali mace na nema tun farko. Ki dage su bar ta da likitanta, kada ki yarda.

Maman Ilham:
Na gode, 'yar'uwa, ko da yake ba likita suka canza mana ba, mu ne muke son canza rana. Amma kin tuna mini da abin da ban yi tunaninsa ba, zan ƙara `with the same doctor` a ƙarshen jimlar neman sabuwar ranar.

Malam Nafi'u:
Ba wanda ya tsaya a kan `04/03` ɗin da ke cikin saƙon farko, kuma ni nan ne na taɓa faɗawa rami. A Birtaniya da Indiya wannan yana nufin 4 ga Maris, a Amurka kuwa wata ake fara rubutawa, saboda haka 3 ga Afrilu ne. Na taɓa neman a mayar da ni `05/06`, ina nufin 5 ga Yuni, aka sa ni 6 ga Mayu, ban kuma sani ba sai da takardar cajin rashin zuwa ta iso. Tun daga nan sunan wata nake rubutawa da haruffa, in haɗa da sunan ranar mako, domin idan ranar da kwanan watan ba su dace ba ma'aikaciyar za ta lura ta tambaya. Haka kuma na daina rubuta `next Friday`, wanda su kansu masu harshen ba su daidaita a kan ko Juma'ar makon nan ce ko ta makon gaba ba. Idan asibitin a Indiya yake, kada ki yi mamaki in kin ga `prepone` a amsarsu, matso da rana kusa suke nufi, kishiyar ɗagewa.

Baban Khalifa:
Wani abu kuma, ki duba inda za ki aika. Ƙanina ya amsa saƙon tunatarwa da ya shigo wayarsa, ya rubuta bayani mai kyau, ashe lambar ta na'ura ce da ba mai karanta abin da aka mayar mata, ga `do not reply` a ƙasan saƙon bai kula ba. Aka rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba. A Birtaniya yake zaune, inda suke sa wa irin wannan alamar `DNA`, wato `did not attend`, bai zo ba, kuma a asibitocin gwamnatinsu hakan yana iya sa a mayar da mutum wurin likitan da ya turo shi ya sake faro neman daga tushe. Ki yi amfani da adireshin da ke kan takardar ganin likitan kanta.

Maman Ilham:
Na aika saƙon Malama Hadiza jiya da safe, da ƙarin da na ambata, kuma amsa ta zo da yamma. Sun ba mu Talata 18 ga Maris da ƙarfe takwas na safe wurin likitan nan dai, suka ce in tabbatar, na kuwa mayar da amsa ina maimaita ranar da lokacin da haruffa. Sun kuma nemi Hajiya ta aiko da amincewarta a rubuce kafin su ci gaba da magana da ni a kan al'amarinta, wanda za mu yi yau. Abin da ya rage mini shi ne, a takardar farko akwai gwajin jini da hoton zuciya ranar 3 ga Maris, kwana ɗaya kafin ganin likitan, kuma amsarsu ba ta ambace su ba ko kaɗan.

Alhaji Ɗanjuma:
Ai idan an ɗage ganin likita, gwajin yana bin sa da kansa. Ni haka aka yi mini.

Malama Hadiza:
A inda na yi aiki ba ya bi, Alhaji, domin ɗakin gwaji da ɗakin hoto kowanne da jadawalinsa, kuma teburinmu ba ya iya taɓa su. Akwai asibitocin da suke haɗa komai a hannun ma'aikaci ɗaya, musamman masu sashen baƙi daga ƙasashen waje, wataƙila irinsu ka samu. Maman Ilham, ki mayar da amsa a kan saƙon nan nasu, kada ki buɗe sabo, ki tambaya kai tsaye ko an matsar da gwajin jini da hoton na 3 ga Maris zuwa 17 ga wata, in ba haka ba wa za ki tuntuɓa. Ki kuma roƙi sabuwar takarda mai ɗauke da ranar 18, tunda wadda kuka miƙa wurin neman biza tana nuna ranar da aka riga aka janye. Kada ku canza tikitin jirgi sai amsarsu a kan ranar gwajin ta zo, domin idan babu gurbin hoto ranar 17, wataƙila sai kun isa tun makon da ya gabace shi.