Kuɗin samfur kafin babbar oda: ni zan biya ko masana'anta?

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa, shawararku nake nema. Ina sayar da yadi a Kantin Kwari, kuma ina son yin odata ta farko kai tsaye daga wata masana'anta a Keqiao ta ƙasar Sin: yadin kayan makaranta, mita 5,000.

Na ce su fara turo samfur. Suka ce ƙyallen da suke da shi a ajiye kyauta ne, kuɗin jirgi kawai zan biya. Amma launin da makarantar ta zaɓa sai an rina musamman, shi kuma dala 100 ne ban da kuɗin aikowa. Wakilinsu ya ce za a cire daga kuɗin odar idan ciniki ya faɗa, sai dai ya ƙi rubutawa a takardar farashi. Wannan ƙin ne ya tsaya mini a rai.

Haka ake yi dama, ko ganin baƙo ne? Sannan idan samfurin ya yi, me zan sa a yarjejeniya kafin in biya kafin alƙalami na kashi 30, don kada kayan su iso da ƙarancin kauri ko launi mai zuba a wanki? Nauyin giram da lambar launi sun wadatar?