Me za mu kira Ripple Delete da Hausa?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum. Ina koya wa ƙannena biyu gyaran bidiyo da manhajar Shotcut, komai da Hausa. Danna maɓallin S, mai raba bidiyo gida biyu, na kira shi datsawa, wannan ya zauna. Inda na maƙale shi ne `Ripple Delete`. In na ce "goge", sai su danna Z, guntun ya tafi amma ya bar baƙin fili a tsakiyar magana. Ni kuwa X nake nufi, mai cire guntun ya kuma rufe filin. Wace kalma za ta raba musu biyun?

Mai Ƙamus: Wa'alaikumussalam. Asalin kalmar ƙananan igiyoyin da ruwa ke yi ne in an jefa tsakuwa. Sai a ce gogewar igiyar ruwa.

Tsohon Hannu: Malam, fassararka daidai ce, amma yaron da aka gaya wa haka ruwa zai tafi nema a allo. Mu duba aikin tukuna. A ce mai magana ya yi shiru daga daƙiƙa 12 zuwa 14. Za ka gane wurin a zanen murya, inda tsaunukan suka kwanta suka zama zare. Bidiyon firam 30 ne, wato hotuna 30 a jere, a kowace daƙiƙa, shirun ke nan firam 60. Ka datsa farkonsa, ka datsa ƙarshensa, guntu ya tsaya shi kaɗai. In ka danna Z, wato `Lift`, kamar an cire haƙori ne, giɓin na nan. In ka danna X, kamar mutum ne ya fita daga layi, duk na bayansa suka matso, bidiyon ya ragu da tsawon abin da aka cire. Ni "cire-matso" nake cewa, ɗayan kuma "cire-bar-giɓi".

Kuma Ɗan Koyo, ka hana su kwashe sittin ɗin duka. Su bar kamar firam huɗu bayan kalmar ƙarshe, huɗu kafin ta gaba, su cire 52. Haruffa irin su s da f da h ba sa tashi sosai a zanen, ido zai ce shiru ne. In aka datsa dab da tsaunin, "sannu" sai ta koma "annu".

Uwar Biyu: Ni ma shirun ne damuwata. In na yi shiru sai ƙarar fanka ta fito fili. Cire-matson zai kashe ta?

Tsohon Hannu: A'a Hajiya, wannan tace sauti ne, aikinsa daban. Ƙarar na nan a ƙarƙashin maganarki ko kin cire shirun.

Na Gefe: Me zai hana "cike gurbi"? Kowa ya san ta. Ai gurbin ne ake rufewa.

Ɗan Koyo: Na gwada ta, yaya. Ƙaramar ta ɗauko wani hoto ta cusa a wurin, ta ce ta cike. Ban ga laifinta ba.

Na Gefe: To "tsuke" fa? Gajeriya ce, ta fi daɗin faɗa. Kuma kowace kalma kuka zaɓa, ku gargaɗe su. Na taɓa ɗaukar murya da wata waya daban, na jera ta ƙarƙashin hoton. Na cire shiru wajen ashirin, ashe layin hoto kaɗai ke matsowa. Kafin ƙarshe baki ya gama jimla murya ba ta fara ba. Tun daga ranar na ce maɓallin X ba shi da amana.

Tsohon Hannu: Maɓallin bai ci amanarka ba, layin da kake kai kawai aka ba shi. Kunna `Ripple All Tracks`, duk layukan za su matsa tare. Sai dai in ka riga ka shimfiɗa kiɗa, shi ma zai sha yanka, za ka ji ya yi tuntuɓe. Shi ya sa kiɗa ke zuwa ƙarshe. Batun "tsuke" kuwa, na fi son a bar ta ga aikin gaba ɗaya: na tsuke bidiyon daga minti shida zuwa biyar. Wannan ya haɗa da hukunci, don ba kowane shiru ake cirewa ba. Na "eh… to…" ya tafi, amma wanda ya biyo bayan tambaya, ko inda ake sauya zance, a bar masa ko rabin daƙiƙa mai kallo ya haɗiye abin da ya ji.

Mai Ƙamus: Na janye igiyar ruwa. Amma cire-matso umarni biyu ne aka liƙa. Yaya za ka ce an yi shi jiya? Na cire-matso? Na cire-matsa? Bakina bai karɓa ba.

Na Gefe: Na yi cire-matso, kamar yadda ake cewa na yi faɗi-tashi.

Ɗan Koyo: Na gwada da yamman nan. Na ce cire-matso, duka biyun suka danna X ba tambaya. Sai dai sabuwa ta ɓullo: bayan an matso, kan mai magana yana zabura daga wuri zuwa wuri a mahaɗar. Babban ya kira shi tsalle, ƙaramar ta ce ƙyafta. Wanne zan bi?