Wace kalma za mu sa wa ramin da ke bayyana a jadawali bayan sakamakon kamfani?

Ɗan Kwari: Jama'a, ina neman Hausar abin da manhajojin hannun jari ke rubutawa `gap`. Ga misali. Ranar 2 ga Fabrairu 2022 hannun jarin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya rufe a dala 323. Bayan an tashi kasuwa kamfanin ya fitar da sakamako, aka ga masu shiga Facebook kullum sun ragu a karon farko. Washegari sai ya buɗe a wajen dala 245. Tsakanin farashin biyu fili ne fetal a jadawali. Me za mu kira wannan filin?

Na Bakin Kasuwa: Ai faɗuwar farashi ce kawai, Alhaji.

Malamar Lissafi: A'a, ɗan'uwa. Ba ƙasa kaɗai yake yi ba. Wannan Meta ɗin dai, a Fabrairun 2023 sama ya yi, ya tashi da kusan kashi 23 cikin ɗari rana guda. Kuma faɗuwa bi-da-bi take sauka, kana iya fita a hanya. Wannan tsallake farashin yake yi. Wanda ya saya a 323, ya ajiye odar tsaida asara a 310 ya kwanta barci, ba a 310 za a sayar masa ba, sai a farashin da aka buɗe. Maimakon asarar dala 13 kan kowane hannun jari, ya kwashi ta kusan 78. Duk mai riƙewa har a fitar da sakamako, wannan haɗarin ya ɗauka a kansa, don haka ba odar ce kariyarsa ba, ƙanƙanta abin da ya zuba ne. Ni "giɓi" na zaɓa: giɓin sama, giɓin ƙasa.

Baba Mai Goro: Wushirya fa? Ita ma fili ce tsakanin haƙora.

Ɗan Kwari: Baba, wushirya ado ce, wannan kuwa haƙori ne ya fita.

Na Bakin Kasuwa: To na yarda da giɓi, tunda dama muna cewa cike giɓi. Kuma kowane giɓi sai ya cike, shi ya sa ni jira nake a buɗe ƙasa in saya da araha.

Malamar Lissafi: Ya cike, amma yaushe? Wanda ya saya a 245 ya ga ƙasa da dala 100 a Nuwamban 2022, kuma sai a tsakiyar 2023 farashin ya koma 323. Jiran da nake ba da shawara daban ne: ka bari a fitar da sakamako, sannan ka ga ko farashi ya riƙe saman inda ya buɗe, ko yana ta zamewa ana sayarwa da yawa. Ladan jira shi ne ka kauce wa giɓin ƙasa, kuɗinsa kuma giɓin sama ya wuce ka.

Baba Mai Goro: A kasuwar Legas da aka ƙayyade motsin rana a kashi 10, sai farashi ya yi ta sauka kwana uku a jere babu mai saye. Shi ma giɓin ne, ko matakala za mu ce?