Ƙofar ƙarfen da na saka ba ta ba ni haƙƙin tsohon farashi ba?

Sabi'u Tireda:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekara 4 ke nan ina hayar shago a Gujungu, bakin titi, dubu 60 a shekara. Hayata za ta ƙare ƙarshen Disamba, sai Alhaji mai shagon ya aiko ɗansa wai dubu 100 ko in ba shi makullinsa. Ni na yi daɓen siminti, na saka ƙofar ƙarfe, na kafa rumfar kwano, na kashe kamar dubu 85. Ni a ganina wanda ya gyara wuri da kuɗinsa yana da haƙƙin a sabunta masa a tsohon farashi. Gobe bayan La'asar zan je wurinsa. Me zan ce masa?

Ɗanlami Walda:
Kana da haƙƙi mana! Ni na haɗa ƙofar nan, na san yadda wurin yake kafin ka shiga, awaki ke kwana a ciki. Kuma doka ta ce mai hayar shekara sai an ba shi notis na wata 6. Ka tsaya a kan dubu 60.

Alhaji Uba:
Ɗanlami, a hankali. Ni ma ina da shaguna 2 da nake bayarwa, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, me ya tsaya a farashinsa? Sabi'u ɗana, sukarin da kake aunawa, a farashin shekara 4 da suka wuce kake sayarwa? Dattijon nan da kuɗin hayar yake sayen taki. Dubu 60 ɗin da ta ishe shi a wancan lokacin yau ba ta kai shi ko'ina.

Sabi'u Tireda:
Baba, ban ƙi ba. Amma ƙarin dubu 40 a tashi ɗaya?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Akwai abu biyu da aka cakuɗa. Maganar wata 6 tana da asali, amma ga wanda yake hayar shekara bayan shekara ba tare da an yanke ranar ƙarewa ba. Idan an rubuta daga rana kaza zuwa rana kaza, lissafin ya sauya. Ko ma an ba ka wata 6 ɗin, lokacin kwashe kaya aka ba ka, ba a ɗaure farashi ba.

Gyara kuwa, a fiƙihunmu na Malikiyya idan wa'adin haya ya cika, wuri ya koma hannun mai shi, ya ga dama ya sabunta, ya ga dama ya ƙi. Abin da ɗan haya ya gina, mai wuri na da zaɓi: ko ya ce ka cire abinka, ko ya biya ka ƙimarsa a matsayin abin da aka riga aka rushe, ba kuɗin da ka kashe ba. To duba naka. Ƙofa da kwanon rumfa suna ciruwa, suna da kuɗi. Daɓe fa? In ka fasa shi ɓaraguzai ne, ba wanda zai saya. Sai dai in kun yi magana tun farko cewa za a cire kuɗin gyara daga haya. Kun yi? Akwai shaida?

Sabi'u Tireda:
Malam, ba takarda. Da na ce zan saka ƙofa cewa ya yi "Allah Ya yi albarka." Shi ke nan.

Malam Habibu:
To izini ya ba ka, bai ɗauki bashi ba. Kada ka shiga zaurensa da kalmar haƙƙi. Ka shiga da ciniki.

Hajiya Ladi Mai Ɗinki:
Ku dai a yi takarda. Mai shagona mutumin kirki ne, shekara 6 bai ƙara mini ko sisi ba, da baki muka yi komai. Da ya rasu aka zo rabon gado, shagon ya faɗo a rabon wanda ban taɓa gani ba. Har kuɗin wata 5 da na biya gaba sai da mai unguwa ya sa baki, don ba rasit. Kekunana 3 a tsakar gida suka yi damina.

Isiyaku:
Ai ƙaramar hukuma ba ta isa ta ƙara kuɗin rumfa haka kawai ba, ku je wurin sarkin kasuwa.

Ɗanlami Walda:
Isiyaku karanta daga sama. Ginin mutum ne, ba rumfar kasuwa ba.

Alhaji Uba:
In ni ne mai wurin, ga abin da zai sa in sauko. Yanzu kaka ce, kowa na son kuɗi a dunƙule ya sayi amfani ya ajiye. Ka kai masa na shekara 2 a hannu, dubu 120, ka ce a bar shi yadda yake. Da wuya ya mayar da kuɗin da ya gani a kan tabarma. Kuma kada ka bi ta wurin yaron da aka aiko. Ka ɗauki dattijon da yake jin kunyarsa ku tafi tare.

Nura Mai POS:
Baba Alhaji, a gafarce ni, nan ban yarda ba. Dubu 60 ta shekara ta biyu daga jarinsa za ta fita. A ce kuɗin nan yana juyawa sau 2 a wata, kowane juyi ribar naira 5 a cikin 100. Dubu 3 sau 2, dubu 6 a wata, dubu 72 a shekara. Ya rasa 72 don ya tsira da 40?

Malam Habibu:
Nura, ka manta shekara 2 ake magana, ƙarin da zai kauce wa dubu 80 ne. Sannan lissafinka sai in kayan suna juyawa haka duk shekara. Sabi'u, da damina fa?

Sabi'u Tireda:
Gaskiya ranar Lahadi ce cinikina, ranar kasuwa. Daga Yuni zuwa Satumba rabin kayan bashi ne sai an yi girbi. Wani katon ɗin sabulu sai ya yi wata a kanta.

Nura Mai POS:
To ka rage nawa lissafin. Amma har yanzu ina tsoron mutum ya kwashe jari a kaka, lokacin da ciniki ya buɗe.

Malam Habibu:
Akwai tsakiya. Ka ce masa bana dubu 70 a hannu yanzu, baɗi dubu 80 a watan Disamba, a rubuta duka biyun yau. Ka biya 150 maimakon 200, jarinka bai girgiza ba, shi kuma ya ga ƙari ya fita kunyar 'ya'yansa. Takardar ta faɗi ranar farawa da ranar ƙarewa, kuɗin kowace shekara, cewa ƙofa da rumfa naka ne, in za ka tashi ka cire ko ya saya a farashin da kuka daidaita, da wanda gyaran rufi yake kansa in ya yi yoyo. Shaidu 2, ɗaya ya zama cikin manyan 'ya'yansa saboda abin da ya sami Hajiya. Kowa ya riƙe kwafi.

Ɗanlami Walda:
Ni dai ban gamsu ba. Darajar da ake ƙara wa kuɗi a kanta, wa ya kawo ta? Mutum ya tara kwastoma shekara 4, sannan a sayar masa da guminsa.

Alhaji Uba:
Titi da kasuwar Lahadi suka kawo ta, Ɗanlami. Sabi'u, kafin ka je ka binciki abu ɗaya: akwai wanda ya riga ya taya shagon? In wani mai cajin waya ya ajiye dubu 100, maganar 70 ba za ta shiga ba. In kuwa yaron ne kawai yake gwada ka, za ka gane daga yadda uban zai karɓe ka.

Sabi'u Tireda:
An ce wani mai kemis ya leƙa wurin sau 2, ban san ko ya taya ba. Zan tambayi mai shayin gefena da safe. Malam, in na samu liman ya raka ni, ka turo mini yadda za a rubuta takardar.