Sabobi lafiya lau, amma na'urar raba lodi tana jefo kuskuren 503

An tambayi dalilin da ya sa na'urar raba lodi take jefo kuskure alhali sabobin da ke bayanta suna aiki lafiya lau. Shawarar da aka fi nanatawa a amsoshin: duba abin da na'urar take tambayar saba yayin gwajin lafiya. Wani ya saita manhajar raba lodi ta HAProxy tana neman `/`, manhajar da ke kan sabar kuma tana mayar da 302 zuwa shafin shiga. Da yake `http-check expect status 200` aka rubuta, bayan faɗuwa uku a jere sai HAProxy ta ɗauka sabar ta mutu.

Maganin da aka yarda da shi: a ware hanya mara nauyi kamar `/healthz`, wadda ba ta neman kalmar sirri. Sannan a gwada ta da `curl -v` daga kan na'urar raba lodin kanta, don katangar tsaro kan tare gwajin. Wasu sun ce a ƙara wa'adin jira. Ni dai ina ganin sai an ga alamar jinkiri a rajista tukuna.