Lissafin kasada da riba ya ƙi fitar mini daidai a kan ƙaramin koyin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Maradi nake, ina neman taimakon masu ilimin cinikin kirifto a kan wani lissafi da ya tsaya mini a wuya.

Akwai wani ƙaramin koyin da nake son saya a dala 0.50. Iyakar asara na ajiye ta a 0.46, ƙasa kaɗan da inda farashi ya sha juyowa, wurin cin riba kuma 0.62. Kasada 0.04 ke nan, riba 0.12, wato 1:3. Jarina dala 200 ne, kuma ban yarda in rasa fiye da kashi 1 cikin 100 ba, wato dala 2, don haka koyin 50 zan saya. Har nan babu matsala.

To amma da na duba ATR, wato ma'aunin matsakaicin motsin farashi, na kyandir ɗin awa 4, sai na tarar 0.05 ne. Ke nan motsin da ya saba yi ma ya fi tazarar da na bari, kyandir ɗaya zai iya fitar da ni kafin a je ko'ina. In na faɗaɗa tazarar zuwa ninki 1.5 na ATR, iyakar ta koma 0.425, rabon ya faɗo zuwa 1:1.6. Wannan ne ya dame ni ƙwarai, domin 1:3 ɗin farko a takarda kawai yake da kyau.

Wanne za a bi? In jira farashi ya sauko 0.47 tukuna, ko in haƙura da cinikin?

Sannan koyin ɗin ba shi da masu ciniki da yawa, umarnin sayarwa yakan cika ƙasa da inda aka sa shi. Yaya kuke shigar da wannan zamewar da kuɗin kamisho cikin lissafi tun kafin shiga? Allah Ya saka da alheri.