Hannun mutum-mutumina yana kuskure kaya a gefen tebur

Ɗalibi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kafa kyamara santimita 60 sama da tebur, OpenCV tana gano jajayen katakai masu tsayin santimita 4, Arduino kuma yana tura hannun. A tsakiya yana cafkewa daidai, amma da katakon ya matsa gefe sai ya kama iska. Ina matsalar take?

'Yar aji huɗu: Wa alaikumus salam. Duba launin tukuna. A OpenCV, `H`, wato lambar launi, daga 0 zuwa 179 yake, ja kuma yana baki biyu: 0 zuwa 10, da 170 zuwa 179. In ɗaya ka ɗauka, rabin katakon kawai zai fito, tsakiyar da `cv2.moments` ke ba ka sai ta goce.

Ɗalibi: Na haɗa duka biyun, 'yar uwa. Katakon yana fitowa fari tas, ɗigon ma yana kan tsakiyarsa a allo.

Malamin lantarki: To ganin lafiya lau yake, wajen mai da fiksel zuwa milimita ne gyaran. Ina zaton da lamba ɗaya kake ninkawa, wannan kuwa ba ta aiki sai kyamara ta kalli tebur a miƙe sak. Sa alama huɗu a kusurwoyin wurin aikin, ka kai bakin hannun kan kowace ka rubuta inda take, sannan ka ɗauki fiksel ɗinta a hoto:

```python
M = cv2.getPerspectiveTransform(px, mm)
p = cv2.perspectiveTransform(np.float32([[[cx, cy]]]), M)
```

`px` fiksel ɗin alamomin ne, `mm` inda suke a milimita, `cx` da `cy` kuma tsakiyar katakon a hoto. `px` da `mm` su kasance `float32`, kuma jerinsu iri ɗaya.

Akwai abu na biyu da ya fi ɓoyuwa. Saman katakon kyamara ke gani, shi kuma ya fi tebur kusa da ita: santimita 56 ke tsakaninsu, ba 60 ba. Katakon da ke santimita 20 daga daidai ƙasan kyamara zai bayyana kamar yana 20 × 60 ÷ 56, wato kusan 21.4. Kuskuren kusan santimita ɗaya da rabi ke nan, a tsakiya kuwa babu shi. Don haka ka ɗora alamomin nan huɗu a kan katakai masu tsayi ɗaya da kayanka, kada ka manna su a tebur.

Mai gyaran rediyo: Malam, ni nawa ba lissafi ba ne. Motocin servo na MG996R nake amfani da su a gaɓoɓin hannun, in hannun ya miƙe sosai sai ya sunkuya, ga wuta ba ta isarsu daga Arduino. Sai da na ba su tasu daban.

Malamin lantarki: Hakan na faruwa, Oga. Ɗalibi, ajiye kyamara gefe, ka rubuta wa hannun lambobin wata alama ta gefe da kanka, ka auna da rula. In ya sauka daidai, laifin lissafin hoto ne. In ya kuskure, ka koma kan tsawon gaɓoɓin da ka sa a lissafi da kuma wutar.

Ɗalibi: Na gode Malam. Kullum ta bakin tebur yake zarcewa, amma a dama ya fi hagu yawa. Zan gwada gobe in kawo awon, in sha Allah.